Firinta na yanke min gefen dama idan na buga imel, ku taimaka

Maryam: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman taimako a kan wani abu da ya tsaya min tun safe. An turo mana imel daga sashen kuɗi, a cikinsa akwai teburin lissafi, shugabana ya ce in buga masa a takarda zai shiga taro da shi. Sau huɗu ina bugawa, duk sau huɗun gefen dama a yanke yake fitowa. Kolum biyu na ƙarshe babu su gaba ɗaya, kuma na ƙarshen shi ne jimilla, wato ainihin abin da ake so a gani. A kwamfuta komai lafiya lau, ina ganin teburin har ƙarshe. Outlook nake amfani da shi, wanda aka saka a kwamfuta, ba na burauza ba. Takarda A4 ce.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata, duba tona. Tawa ta yi min haka bara, gefe ɗaya ya daina fitowa. Na ciro kwalin tonar na girgiza shi a hankali hagu da dama, na mayar, ta ci gaba da aiki kusan wata biyu kafin in canza.

Maryam: Na gode Baba. Amma jiya-jiya aka saka sabuwar tona, kuma yanzun nan na buga wata wasiƙa daga Word ta fito tas, har gefen.

Nasiru: Ba tona ba ce. Wannan matsalar Letter da A4 ce, na sha gani. Kwamfuta tana zaton takardar Letter ce a ciki, alhali A4 kika saka. Letter ta fi faɗi, shi ya sa dama ke yankewa. Shiga saitin firinta ki mayar da ita A4, shi ke nan.

Maryam: Na duba Yaya Nasiru, a A4 take. Na ma sake zaɓa don tabbatarwa, na kuma bugawa, babu abin da ya canza.

Malam Habu: Malama Maryam, kafin ki ƙara ɓata wata takardar, amsa min tambaya biyu. Ta farko: idan kin danna File sannan Print, hoton shafin da ake nuna miki a gefen dama kafin ki buga, shi ma a yanke yake ko cikakke ne? Ta biyu: ɗauki takardar da ta fito ki kalli wurin yankan. Rubutun dusashewa yake yi a hankali har ya ɓace, ko kuwa an datse shi ne a miƙe kamar da reza?

Maryam: Malam, ban ma lura ba sai da ka faɗa. A hoton ma a yanke yake. Kuma a takardar datsewa ce a miƙe, har akwai wata lamba da aka raba gida biyu, rabinta ya fito rabi babu. Amma rubutun gaisuwa da bayanin da ke saman teburin sun fito daidai, babu kalmar da ta ɓata.

Malam Habu: To, kin riga kin gano rabin matsalar da kanki. Tun da a hoton ma a yanke yake, firinta ba ta da laifi, abin da aka ba ta shi ta buga. Tun a cikin kwamfuta aka yanke shafin kafin ya isa gare ta.

Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, amma alamarsa daban ce. Idan tona ce ta yi ƙasa, rubutun yana nan a wurinsa, fari-fari kawai yake fitowa, wani lokaci da zane-zanen tsaye, kuma duk abin da aka buga haka zai fito, ko daga Word ne ko daga ina.

Maganar Nasiru ma tana faruwa sosai, sai dai ba ta isa ta cinye kolum biyu ba. Faɗin A4 milimita 210 ne, na Letter kuma 216 saura kaɗan. Tsakaninsu milimita 6 ke nan, harafi biyu ko uku a ƙarshen layi. Kolum biyu na teburin lissafi kuwa ana maganar santimita biyar zuwa bakwai.

Abin da ya faru ke nan. Rubutu zalla yana lanƙwasa: idan layi ya kai bakin takarda, kalmar da ta rage sai ta sauko layi na gaba. Shi ya sa gaisuwar ta fito lafiya. Teburin da aka kwafo daga Excel aka manna a imel kuwa da faɗinsa yake zuwa a ɗaure, kowane kolum da awonsa, ba ya lanƙwasa. A sikirin ba ki ji ba saboda sikirin ɗinki a kwance yake, yana da faɗi. Takarda kuma a tsaye take. Shi kuma wannan Outlook ɗin na kwamfuta ba shi da maɓallin da zai matse saƙo ya shiga faɗin takarda, daga hagu yake fara shimfiɗawa, duk abin da ya wuce iyaka a dama sai ya zubar.

Nasiru: Na yarda Malam. Amma ai magani a kusa yake: ta mayar da shi PDF, ta buɗe, ta zaɓi Fit, ta buga. Haka nake yi kullum.

Malam Habu: A nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Idan ta zaɓi Microsoft Print to PDF a kan A4 a tsaye, shafin da ta gani a yanke shi za a ajiye mata. Kolum biyun ba su shiga fayil ɗin ba tun farko. Fit yana rage girman abin da ke cikin PDF ne kawai, ba ya dawo da abin da ba a saka ba. Akwai hanyar da PDF ke aiki, zan zo kanta, amma ba a haka ba.

Maryam: Wallahi na gwada wannan ɗin tun ɗazu, a yanke ya fito. Na ɗauka ni ce ban iya ba.

Aminu: Ni dai gaskiya ban ga abin dogon lissafi ba. Ki ɗauki hoton sikirin ɗin, ki manna a Word, ki ja shi ya daidaita, ki buga. Minti biyu an gama.

Maryam: Teburin layi 40 ne Aminu, ba ya shiga sikirin ɗaya. Sai na ɗauki hoto uku in jona.

Hajiya Rabi: Kuma ko da ya shiga, ni ban goyi bayan hoton sikirin ba ga takardar da za ta shiga taro. Lambobi kan fito da ɗan hazo, 3 da 8 su yi kama da juna, musamman idan an ja hoton an buɗa shi. Sannan sau da yawa mai ɗauka yakan bar kan saƙon, wato wanda ya aiko da ranar da aka aiko. Na shekara da shekaru ina ajiye fayil, takardar da babu kwanan wata da sunan mai aikowa, bayan wata shida babu mai iya cewa daga ina ta fito.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Malama Maryam, mu auna teburin tukuna, don mu san hanyar da za ta ɗauke shi ba tare da gwaji da takarda ba. Danna saƙon sau biyu ya buɗe a tagarsa, sai File, Save As, a wurin Save as type ki zaɓi HTML, ki ajiye. Ki danna dama a kan fayil ɗin, Open with, Notepad. Za ki ga rubutu mai yawa da ba ya karantuwa, kada ya dame ki. Danna Ctrl+F ki nemi `<table`, ki kwafo min layin da kika samu. Idan ya fi ɗaya, wanda lambarsa ta fi girma nake so.

Maryam: Guda biyu na samu. Ga babban:

```
<table class=MsoNormalTable border=0 cellspacing=0 cellpadding=0 width=980 style='width:735.0pt;border-collapse:collapse'>
```

Malam Habu: Madalla, ga shi nan ƙarara. Wannan 735.0pt ɗin shi ne faɗin teburin. A awon masu ɗab'i, 72 ke yin inci ɗaya, don haka 735 inci 10.2 ne, wato wajen milimita 259. Yanzu koma File, Print, danna Print Options, sai Page Setup, ki shiga shafin Paper. Me aka rubuta a Left da Right a ƙarƙashin Margins?

Maryam: 1.27 cm kowanne.

Malam Habu: To cire milimita 25 daga 210, saura 185. Wurin da kike da shi ke nan. Teburi na neman 259. Bambancin milimita 74 ne, santimita bakwai da rabi kusan, su ne kolum biyun da suka ɓata. Kin ga ko da kin share sararin gefen gaba ɗaya, 210 za ki samu, har yanzu da sauran santimita biyar a waje. Don haka wasa da gefe ba zai fitar da ke ba.

Amma idan kika kwantar da takardar, tsawonta ya zama faɗinta, milimita 297. Cire 25, saura 272. Teburi 259 ya shiga, har da rarar santimita ɗaya da ɗoriya. A wannan shafin na Paper da kike ciki, a ƙasa akwai Orientation, zaɓi Landscape, danna OK, sai Preview. Kada ki buga sai kin ga kolum ɗin jimilla da idonki a hoton.

Maryam: Alhamdu lillahi, ya fito! Duka kolum ɗin suna nan har jimilla. Sai dai yanzu ya zama shafi biyu, layi 12 na ƙarshe sun koma shafi na biyu, kuma babu kan teburin a can. Mai karatu ba zai san wace lamba ce ta mene ne ba sai ya riƙa juyowa shafin farko.

Malam Habu: Haka ne, abin da aka samu a faɗi an biya shi a tsawo. A kwance tsawon da ya rage miki milimita 185 ne. Layin Excel ɗaya ya ɗan haura milimita 5, layi 40 sun wuce 210, ga kan saƙo da gaisuwa a sama. Dole ya tsallaka.

Idan shafi ɗaya ake so, a nan ne hanyar PDF da na ce zan zo kanta take shigowa. A Print Options, fara canza firinta zuwa Microsoft Print to PDF. Wannan ne farko, saboda jerin girman takardun da Page Setup ke nunawa daga firintar da aka zaɓa yake fitowa, idan taki ba ta ɗaukar babbar takarda ba za ki ga A3 ba. Bayan kin canza, shiga Page Setup, Paper, zaɓi A3, ki mayar da shi Portrait. A3 a tsaye faɗinta 297 ne, daidai da A4 a kwance, amma tsawonta 420. Teburin zai shiga ta faɗi da ta tsawo. Ajiye PDF ɗin. Sai ki buɗe shi, ki zaɓi firintarki ta gaske da A4, a nan ne za ki danna Fit, kamar yadda Nasiru ya ce. Yanzu yana da abin da zai matse.

Sai dai ki sani, daga A3 zuwa A4 komai na raguwa zuwa kashi 71 cikin 100. Rubutun da yake lamba 11 zai koma ƙasa da 8 kaɗan. Ana karantawa, amma ƙanana ne. Idan shugabanki mai sa tabarau ne, ko kuma zai riƙa rubutu da biro a gefen lambobin, shafi biyun na kwance sun fi masa.

Nasiru: Wannan dabarar A3 ɗin ban taɓa saninta ba. Ashe Fit ɗin ba laifinsa ba ne, matakin farko nake tsallakewa. To amma me ya sa ni yake min aiki?

Malam Habu: Da me kake buɗe imel ɗinka?

Nasiru: Gmail, a Chrome.

Malam Habu: Shi ya sa. Burauza tana ƙoƙarin matse shafi mai faɗi da kanta har zuwa wani mataki, kuma idan bai isa ba akwai Scale a ƙarƙashin More settings da za ka sa lambar da kake so. PDF ɗinka tun asali cikakke yake fitowa. Ita ma Malama Maryam za ta iya bin ta nan: fayil ɗin HTML da ta ajiye ɗazu, ta buɗe shi da Chrome ko Edge, Ctrl+P, ta sa Scale a 70 idan bai daidaita da kansa ba. Kan saƙon yana ciki, da mai aikowa da rana da take. Hanya biyun wuri ɗaya suke kaiwa.

Zainab: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun da an ambaci Chrome. Ni akasin haka ne yake faruwa da ni. Babu abin da ke yankewa, amma akwai wani da muke aiki tare, duk imel ɗin da ya turo idan na buga sai rubutun ya fito mitsi-mitsi kamar tururuwa, ya taru a hagu, kusan rabin takardar ta dama fari fat. Na sauran mutane lafiya lau.

Malam Habu: Ciwo ɗaya ne Malama Zainab, fuska ce daban. Akwai wani abu mai faɗi a cikin saƙonsa. Outlook na kwamfuta da ya yanke shi, burauza kuma sai ta matse shafin gaba ɗaya don abin ya shiga, rubutun kirki ya tafi tare da shi. Gangara can ƙasan saƙon ki duba. Abubuwa uku ne suka fi jawo haka: hoton tambarin kamfani a wurin sa hannu, teburi, ko doguwar adireshin intanet da babu rata a cikinta, wadda ba ta da inda za a karya ta a sauko da ita layi na gaba.

Zainab: Na gani. A ƙasan sunansa akwai wani dogon zane mai tambari da lambobin waya a jere, sai na ja sandar ƙasa zuwa dama kafin in ga ƙarshensa.

Malam Habu: Shi ne. Danna ɗan hoton firinta da ke saman saƙon a cikin Gmail, zai buɗe miki saƙon shi kaɗai a sabon shafi. Rufe akwatin bugawar da ya fito, ki ja linzami ki haska daga kan saƙon zuwa ƙarshen rubutun, ki tsaya kafin zanen. Sai Ctrl+P, More settings, ki sa alama a Selection only. Amma maganin dindindin yana hannunsa, ya rage faɗin abin. Masu tsara imel galibi a fiksel 600 suke tsayawa, kuma wannan yana shiga A4 a tsaye ba tare da matsi ba.

Zainab: Ya yi. Zan yi masa magana cikin ladabi, don na tabbata bai san haka yake fitowa a wajen mutane ba.

Alhaji Garba: Malam Habu, to ni kuma ga wata. Ɗana ya haɗa min sabuwar firinta, tun daga lokacin idan na buga imel harafi ɗaya ko biyu na ƙarshen layi ba sa fitowa. Na duba hoton nan da kuke faɗa, cikakke ne. Wasiƙun Word kuma lafiya. Wannan ba tona ba ce, ko?

Nasiru: Baba, wannan kam tawa ce! Letter ce.

Malam Habu: Wannan karon Nasiru ya ci. Hoto cikakke, takarda a yanke, kuma yankan ɗan kaɗan ne: alamar ke nan. Firintoci da yawa da saitin Letter suke zuwa a direbansu, wato manhajar da ke haɗa su da kwamfuta. Dalilin da ya sa Word bai nuna ba, sararin gefensa mai yalwa ne, inci guda kowane ɓangare, don haka milimita 6 ɗin a cikin farin gefe suke ɓacewa, rubutun ya ɗan karkata dama kawai ba a lura ba. Imel daga burauza kuwa gefensa siriri ne. Sannan yawancin firintoci ba sa iya sa tawada a milimita 3 zuwa 5 na bakin takarda. Idan aka haɗa wannan da wancan, sai a ci harafin ƙarshe.

Alhaji, wuri biyu za a gyara. A akwatin bugawa, More settings, Paper size, a zaɓi A4. Amma don kada ya riƙa komawa, a shiga Settings na Windows, Printers & scanners, a zaɓi firintar, Printing preferences, a sa A4 a can. Idan firintar mai ɗan sikirin ce a jikinta, a duba girman da aka gaya mata yana cikin tire. Kuma a jawo tiren a ga ko 'yan sandunan da ke riƙe takarda sun matse ta daidai, don idan sun yi sako-sako takardar kan goce gefe guda.

Aminu: Ai da Baba ya sa Margins a None da ya huta, komai zai samu wuri.

Malam Habu: A'a Aminu, wannan ƙara ta'azzara shi zai yi. None na nufin rubutu ya fara daga bakin takarda, wurin da firinta ba ta iya kaiwa. Dama kaɗai ke yankewa yanzu, da None sai hagu ma ya bi. Idan ana son ƙarin wuri, Minimum ake zaɓa, shi yana barin iyakar da firintar ta ce tana buƙata.

Aminu: To na ji. Amma ga wata hanyar da ba a faɗa ba, kuma ita nake ganin ta fi duka ga Anti Maryam. A Outlook, idan ta buɗe saƙon, akwai Actions, Edit Message. Sai ta danna cikin teburin, Layout, AutoFit, AutoFit to Window. Teburin zai bi faɗin takarda, girman rubutu bai ragu ba, kuma a tsaye. Ta buga, ta rufe, idan ya tambaya ko a ajiye canji ta ce a'a.

Malam Habu: Wannan hanya ce ta gaske, tana aiki, musamman idan kolum ɗin suna da sarari a cikinsu da yawa. Idan a cike suke da dogayen lambobi, matsewar kan sa lamba ta karye gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, sai a duba da kyau. Daga 259 zuwa 185 matsi ne ba kaɗan ba, ban tabbata nata zai fito da kyau ba sai an gwada.

Hajiya Rabi: Ni a nan ne ba na tare da ku. Saƙon kuɗi da wani sashe ya aiko, ba na son a buɗe shi a yanayin gyara ko da da niyyar daidaita teburi ne. Hannu na iya taɓa maɓalli lamba ta canza ba a sani ba, kuma mutum cikin sauri sai ya danna Yes maimakon No, asalin saƙon da ke akwatinsa ya tafi da canjin. Ranar da aka zo tantancewa, na wa za a yarda da shi?

Aminu: Hajiya, sai ta danna Forward ta yi gyaran a kwafin, asalin yana nan ba a taɓa ba.

Hajiya Rabi: Wannan ya fi, amma takardar da za ta fito kwafin da aka taɓa ce, ba saƙon da aka aiko ba. Don karatu a taro babu laifi. Don fayil kuwa ni dai a ba ni wanda aka kwantar ko aka rage girmansa, wanda babu wanda ya shiga cikinsa.

Aminu: Ni dai ina ganin an tsananta. Ko wanda aka ajiye a HTML ɗin ma ai ana iya canza shi a Notepad.

Hajiya Rabi: Ana iyawa, amma sai da niyya. Ni kuskure nake gudu, ɗana.

Maryam: Na kai masa duka biyun, na kwance mai shafi biyu da na A3 da aka matse a shafi ɗaya. Ya ɗauki mai shafi ɗaya, ya ce ya fi son ya ga komai a gabansa lokaci guda. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kuma rubuta wa wanda ya aiko na roƙe shi nan gaba ya haɗo fayil ɗin Excel ɗin ma, don a can akwai Fit All Columns on One Page, kuma ana iya sa kan teburi ya maimaitu a kowane shafi.

Sai dai wata sabuwa ta taso. Yanzu na zo buga wani imel ɗan gajere, na ga ya fito wani iri, rubutun ya wuce takarda, har gaisuwar ma a yanke.

Malam Habu: Laifina ne da ban gaya miki ba. Abin da kika canza a Page Setup ba na saƙo ɗaya ba ne, Memo Style ɗin gaba ɗaya kika canza, wato salon da Outlook ke buga kowane saƙo da shi, kuma yana riƙewa. Har yanzu a A3 yake tsara shafin. Koma ki zaɓi firintarki, ki shiga Page Setup, Paper, ki mayar da A4 da Portrait. Idan irin wannan teburin zai riƙa zuwa duk wata, a Print Options akwai Define Styles, ki yi Copy na Memo Style, ki sa masa suna, ki mayar da kwafin Landscape, ki bar na asalin yadda yake.

Maryam: Na mayar, ya dawo daidai. Zan yi kwafin gobe da safe in sha Allah.

Sadiya: Sannunku, na zo a makare. Ni daga waya nake bugawa kai tsaye, kuma irin wannan teburin yana yanke min. A wayar girman takarda da kwantarwa kawai nake gani, babu wurin sa kashi. Na kwantar, saura kolum ɗaya har yanzu a waje.

Malam Habu: Wace waya ce, kuma da wace manhaja kike buɗe imel ɗin? Gwada ki zaɓi Save as PDF a wurin firinta, ki ga ko jerin takardun zai ba ki A3, sai ki kwantar da ita. Idan ya bayar, ki buɗe PDF ɗin ki duba kolum ɗin ƙarshe kafin ki tura wa firinta.

Sadiya: Android ce. Na ga A3 ɗin, na ajiye, teburin ya cika. Amma da na tura wa firinta sai ta buga ɓangaren hagu na sama kawai, da manyan haruffa, ba ta matse ba.

Malam Habu: To manhajar da kika buɗe PDF ɗin da ita ba ta rage shi zuwa A4 ba, a girmansa ta tura. Duba ko a akwatin bugawar girman takarda ya koma A4 ko yana nan a A3. Turo min hoton akwatin in gani, da sunan firintar.